Ejan ya ce in tafi Saudiyya da bizar Umara, aikin direba na jirana

Tambaya: Barista, wani eja a garinmu ya ce ya samo mini aikin direba a wani kamfani a Jidda kan albashin riyal 1,800 a wata. Kuɗin tafiya naira miliyan biyu ne, na ba shi 800,000 ta asusunsa, kuma fasfona yana hannunsa. Ya nuna mini shaidar rajistar CAC da takardar ɗaukar aiki mai hatimi. Ya ce zan shiga da bizar Umara, idan na sauka kamfanin zai mayar da ita ta aiki. Tunda akwai waɗannan takardu, ai ko an sami matsala kotu za ta karɓo mini haƙƙina, ko ba haka ba?

Amsa: Malam, zan amsa maka gwargwadon abin da ka rubuto, domin ban ga takardun da idona ba, kuma kalma guda a cikinsu tana iya canza shawarar. Sai dai a yadda ka kawo labarin, takardun nan biyu ba su ba ka kariyar da kake zato ba.

Shaidar CAC tana tabbatar da cewa an yi wa wani suna rajista a matsayin kamfani ko kasuwanci, iyakarta ke nan, kuma mai sayar da siminti ma yana da irinta. Abin da Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ɗora wa mai ɗaukar mutane aiki zuwa waje shi ne lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ka nemi ya ba ka kwafin lasisin, ka duba sunan da ke kai ko ya yi daidai da na CAC, ka duba ko wa'adinsa bai ƙare ba, sannan ka kai shi ofishin ma'aikatar na jiharku a tabbatar maka. Idan ya ce shi wakilin wani kamfani ne mai lasisi a Legas ko Abuja, to ka tuntuɓi wancan kamfanin kai tsaye, da lambar da ka samo da kanka, ka ji ko sun san da shi. Dokar ta kuma tanadi cewa wanda zai tafi aiki waje a duba lafiyarsa, a gabatar da shi gaban jami'in ƙwadago ya tabbatar an ɗauke shi bisa ƙa'ida. Ejan da ya karɓi 800,000 a asusun kansa bai yi maka maganar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ni dai bai burge ni ba.

Abin da ya fi damuna shi ne bizar. Bizar Umara ta ibada ce, ba ta halatta aiki, kuma ba zan ba kowa shawarar ya dogara da alkawarin za a canza ta bayan an sauka ba. Hanyar da aka saba ita ce mai ɗaukar aiki ya fara samun izinin kawo ma'aikaci daga hukumomin Saudiyya, a fitar maka da bizar aiki tun kana gida, ɗauke da sunan kafilinka, wato wanda ya ɗauke ka aiki, da sana'arka, bayan ka isa ya yi maka iƙama, wato katin izinin zama. Wanda ya shiga da bizar Umara ya kama aiki ko ya zarce wa'adinsa, shi ne dokar Saudiyya za ta kama, ba ejan da ke zaune a Najeriya ba, kuma yana iya fuskantar tara da tsarewa a tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, da kora da hana shi komawa na wasu shekaru. Ba shi kuma da kwantiragin da hukuma ta sani, saboda haka idan aka hana shi albashin wata huɗu, da wuya ya kai ƙara ba tare da ya tona wa kansa asiri ba.

A ce ejan ya canza magana ya kawo bizar aiki, akwai sauran dubawa. Ka sa wanda ya iya Larabci, wanda ba yaron ejan ba, ya karanta maka sana'ar da aka rubuta. Direban kamfani da direban gida ba matsayinsu ɗaya ba a dokar Saudiyya. Na kamfani yana ƙarƙashin dokar ƙwadagon ƙasar, wadda a gaba ɗaya ta ƙayyade awa 48 a mako, da ƙarin kuɗi kan aikin da ya wuce lokaci, da hutun kwana 21 a shekara, kuma ana rajistar kwantiraginsa a manhajar Qiwa inda zai karanta ya amince. Sauye-sauyen da aka yi a 2021 sun ba irinsa damar canza wurin aiki bisa wasu sharuɗɗa. Direban gida kuwa ana lissafa shi cikin masu aikatau, ta manhajar Musaned ake ɗaukarsa, ƙa'idojinsa daban ne, kuma sauyin 2021 bai haɗa da shi ba. Idan kafilin da ke bizarka sunan mutum ne alhali an ce maka kamfani, to aikin da za ka tarar ba shi ne aka yi maka alkawari ba.

A kwantiragin, wanda daban yake da takardar tayin aiki da ke hannunka, ka lura cewa idan Larabci da Turanci suka saɓa, na Larabcin ake bi. Ka duba ko riyal 1,800 ɗin albashi ne tsantsa ko an cusa kuɗin abinci da masauki a ciki, da tsawon wa'adi da lokacin gwaji, da abin da za a caje ka idan ka ajiye aiki kafin lokaci. A dokar ƙwadagon Saudiyya, kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama da izinin aiki da tikitin komawa gida bayan ƙarewar kwantiragi suna wuyan mai ɗaukar aiki ne. Saboda haka kana da damar tambayar ejan ya rubuta maka dalla-dalla miliyan biyun nan na mene ne. Lambar rajistar kamfanin Jiddan ya kamata ta kasance a kan takardarsu, ana iya bincika ta a shafin Ma'aikatar Kasuwancin Saudiyya, kuma ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Kano zai iya faɗa maka irin bizar da aikin ke buƙata.

Batun kotu kuma, ka rage buri. Kai kamfanin Saudiyya ƙara a nan abu ne mai wahala da tsada, kuma ko ka yi nasara, aiwatar da hukuncin a can wata shari'ar ce. Ejan ne ke kusa da hannu, amma shi ma yana iya cewa ka san bizar Umara ce ka yarda, kuma kotu ba ta cika taimaka wa wanda ya shiga yarjejeniyar da ta saɓa doka da saninsa ba. Wannan ya sa janyewa yanzu, kafin a buga biza, ta fi ƙarfafa matsayinka.

Shawarata ita ce kada ka ƙara ko sisi. Ka adana shaidar tura kuɗin da saƙonnin murya da na rubutu, ka rubuta masa takarda mai kwanan wata kana neman fasfonka nan take, da kwafin lasisi ko kuɗinka cikin kwana 14. Ba shi da hurumin riƙe fasfon a matsayin jingina. Daga nan a zauna da wanda ya haɗa ku da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ko a cibiyar sulhu ta kotu idan jiharku tana da ita. Mai yiwuwa ya ce ya kashe wani abu, to ya kawo rasit, a cire wanda ya tabbata, a rubuta ranakun biyan sauran da sa hannun shaidu. Idan ya ƙi sakin fasfon, ko ka gano lasisin na bogi ne, ko akwai wasu da ya tara musamman mata da 'yan mata, maganar ta wuce sulhu, sai ka kai rahoto ga NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, ko 'yan sanda tare da kwafin duk abin da ka adana, ka riƙe na asali a wurinka.