Girman ramin da ake hudawa kafin yanka zaren M10

Tambaya: Zan yanka zaren M10 mai tazara 1.5 a cikin ƙarfe. Wane girman rami zan huda, kuma nawa ne ƙaramin faɗin zaren?

Amsa: Malam, M10 na nufin babban faɗin zaren milimita 10 ne, tazara kuma ita ce nisan da ke tsakanin zare da zare. Cire tazara daga babban faɗi kawai: 10 − 1.5 = 8.5. Huda ramin milimita 8.5. Ƙaramin faɗi na cikin noti kuwa lissafinsa daban: D1 = D − 1.0825 × P, inda D1 shi ne ƙaramin faɗi, D babban faɗi, P kuma tazara. Amsar ita ce milimita 8.376. Ka ga ramin ya ɗan fi shi, kuma da gangan ne, don abin yankan ya samu sarari. Kada ka huda 8, zai cije ya karye a ciki, ciro shi kuwa aiki ne ja. Ka huda 9, zaren ba zai yi zurfi ba, kana ɗaure kusar ya zame.