Neman hutun aikin Hajji a wurin shugaban ma'aikata

Tambaya: "Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani a Yamai, kuma zan sauke farali bana. Yaya zan nemi dogon hutu ba tare da aiki ya tsaya ba?"

Allah Ya karɓi ibada. Ka kai takardar neman hutu da zarar ka biya kuɗin kujera, kada ka jira ranar tashi, domin jigilar alhazai takan sauya, kuma dawowa ita ce ta fi jinkiri. Ibadar kanta daga 8 zuwa 13 ga Zulhijja take, amma da ziyarar Madina da jiran jirgi tafiyar takan kai wata guda, saboda haka ka nemi mako shida: hutunka na shekara, sauran kuma ba albashi idan bai isa ba.

Abin da zai kwantar wa shugaba da hankali shi ne albashin ƙarshen wata, wanda babu makawa zai faɗo kana Saudiyya, ga kuma hidimar layya da ma'aikata ke jira. Ka rubuta sunan wanda zai riƙe maka, ku shirya albashin watan da ke gabanin tafiyarka tare, yana yi kana dubawa, sannan a sanar da banki a rubuce wanda zai sa hannu a madadinka. Kada ka yi alkawarin amsa waya daga Mina, domin ba za ka iya cikawa ba.