Sabuwar PS5 tana kunnuwa amma talbijin ba hoto

"Na sayi PS5 a Alaba, fitilarta fara tana ci, amma tsohuwar talbijin ɗina No Signal kawai take nunawa. Ina matsalar?"

Malam, sarƙar guda uku ce: na'ura, wayar HDMI mai kai hoto, talbijin. Bi su daki-daki, in ba haka ba ba za ka gane mai laifin ba.

Ciro wayar dikodarka da ka san tana aiki, ka sa wa na'urar a ramin talbijin da dikodar take, ka zaɓi lambar ramin da rimot. In hoto ya fito, wayarka ce ta mutu, ko ramin farko.

In shiru, zargina girman hoto ne: wataƙila a shago an saita na'urar kan 4K, talbijin ɗinka kuwa iyakarta 1080p. Kashe na'urar gaba ɗaya, ka danne maɓallin wutarta har ƙara ta biyu, kusan daƙiƙa 7, don ta shiga Safe Mode, wato yanayin gyara. Haɗa abin wasan na hannu da wayar USB, ka danna maɓallin PS ɗinsa, ka zaɓi Change Video Output, sannan Change Resolution.

In Safe Mode ɗin ma bai bayyana ba, haska ramin HDMI na na'urar da tocila. Ƙananan haƙora 19 ne a ciki. Ɗaya ya lanƙwashe, sai mai gyara. Kar ka tura allura ciki.