Waƙoƙin da ke cikin fim ɗinka, na wa ne a takarda?

Tambaya: "Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kano, na zuba kuɗi a fim kuma an gama haɗa shi. Kamfanin da zai saya ya ce sai na kawo `cue sheet` da shaidar lasisin kiɗa. Akwai waƙoƙi uku da na biya mawaƙi ya yi mana, da kiɗan ƙarƙashin magana da makaɗi ya buga, da tsohuwar waƙar wani marigayi da muka sa a wurin biki. Tunda duk na biya, me kuma ake nema a wurina?"

Alhaji, abu biyu ne daban aka haɗa maka a buƙata ɗaya. Na farko jeri ne na duk kiɗan da aka ji a fim, na biyu kuma takardun izinin masu kiɗan. Jerin ba ya ba ka izinin komai. Kowane layi da ka rubuta a cikinsa, mai saye zai so ya ga takardar da ke tsaye a bayansa.

Ka zauna da edita a gaban kwafin ƙarshe, wanda ba za a ƙara taɓawa ba, domin ko daƙiƙa goma aka yanke daga baya, duk lokutan da kuka rubuta sun goce. A saman takarda a sa sunan fim, kamfanin da ya shirya, shekara da tsawon fim. Daga nan duk inda kiɗa ya shigo a ba shi layinsa: sunan kiɗan, lokacin shigarsa da fitarsa, yadda aka yi amfani da shi, wanda ya tsara shi, da kason kowa. Ga misalin layin bikin naka, kafin a ƙara wanda ya tsara da kason kowa:

```
07 | sunan waƙa | 00:42:10 | 00:43:55 | 1:45 | VV
```

Haruffan ƙarshe suna faɗin irin amfanin. `BI` kiɗa ne zalla a ƙarƙashin magana, `BV` waƙa ce a ƙasa wadda mutanen cikin labarin ba sa ji, `VV` kuwa ana rera ta a idon mai kallo. Idan kiɗa ɗaya ya dawo sau huɗu, layi huɗu ne. Rediyon da ke tashi a shagon jarumi yana cikin lissafi, haka ma baitin da jaruma ta rera tana wanke-wanke. Idan mutum biyu suka tsara waƙa, kasonsu ya haɗu ya ba da 100 daidai.

Kada wannan jeri ya tsorata ka, ba daga aljihunka ake biya da shi ba. Tashar da ta nuna fim ita ke biyan ƙungiyar karɓar haƙƙin mawaƙa, irin MCSN a Najeriya, ita kuma ƙungiyar da jerin take gane wa za ta ba nawa. Wanda aka manta sunansa, kuɗinsa ya bi ruwa.

Yanzu batun "na biya". A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, haƙƙin aiki yana fara zama ne a hannun wanda ya ƙirƙira shi, sai in yarjejeniya ta ce wani abu daban. Sayar da haƙƙi, ko ba da izinin da ya keɓanta ga mutum ɗaya, ba ya tabbata sai a rubuce. Kuɗin da ka tura wa mawaƙi yana iya nuna ya yarda ka sa waƙar a fim, amma bai nuna ta zama taka ba, bai kuma hana shi ba wa wani ita. Abin da ya fi faruwa shi ne mawaƙin ya miƙa waƙarsa ga kamfanin rarraba waƙoƙi, su shigar da ita Content ID, tsarin da YouTube ke gano kayan masu haƙƙi da shi, ranar da ka ɗora fim ɗinka sai a ce akwai kayan wani a ciki, kuɗin talla ya karkata can. Ba lallai mugunta ba ce, shi ma abincinsa yake nema, kuma babu takardar da ta ce kar ya yi.

Don haka ka koma wurinsa da shafi ɗaya ko biyu. A rubuta sunayen waƙoƙin uku, kuɗin da ya karɓa, da cewa ya ba ka damar amfani da su a fim da tallansa, a talabijin da sinima da intanet, a ko'ina a duniya, ba iyakar lokaci. A faɗi wa ke da ikon sakin waƙar ita kaɗai, kuma in shi ne, ya ɗauki alkawarin cire tasharka da ta mai saye daga cikin waɗanda Content ID zai kama. Shawarata ka bar masa sunansa da kason marubuci a jerin, domin ba ya rage maka komai kuma yana sauƙaƙa sa hannu. Makaɗin situdiyo da mawaƙiyar da ta hau waƙar su ma kowa ya sa hannu a tasa. Ka tambayi makaɗin kai tsaye ko karin nasa ne. Idan daga fim ɗin Indiya ya ɗauko, ba zai iya sayar maka da abin da ba nasa ba, sai dai a sake bugawa da sabon kari.

Tsohuwar waƙar ita ce mai wuya, domin ƙofa biyu gare ta. Akwai haƙƙin waƙar kanta, wato baituka da kari, akwai kuma haƙƙin faifan da aka naɗa. Rasuwar mawaƙi ba ta sakin na farko: yana nan har shekara 70 bayan shekarar rasuwarsa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa suna da masu su har ƙarshen 2069. Haƙƙin faifai shekara 50 ne, kuma sau da yawa yana hannun wanda ya ɗauki nauyin naɗin, kamfani ko gidan rediyo, ba iyalin ba. Wajen iyali kuma, sa hannun ɗa guda bai wadatar ba. Haƙƙin nan dukiyar gado ce, sai wanda magada suka wakilta a rubuce, ko wanda kotu ta ba riƙon dukiyar.

Idan za ka nemi farashi, ka aika da bayani a fili: minti ɗaya da daƙiƙa 45, a wurin biki, a kafafe kaza, ƙasashe kaza, shekaru kaza. Waɗannan ne ke ɗaga kuɗi ko sauke shi. Kafin haka ka duba kwangilar mai saye. Idan shi ya ɗauki fim na shekara biyar a duk duniya, kai kuma ka karɓo izinin shekara biyu a Najeriya kaɗai, kai ne za ka ɗauki asarar gibin, tunda a irin wannan kwangila furodusa ke lamunce cewa kiɗan duka halal ne. Abin da na fi so shi ne izinin ya bi fim ɗin muddin yana yawo.

Ka ba kanka wa'adi, misali mako uku, da iyakar kuɗin da ba za ka wuce ba. Idan iyali sun yarda amma mai faifai ya ƙi ko ya ɓata, mawaƙinka na iya sake rera waƙar, sai ka biya ƙofa ɗaya. Idan duka biyun sun gagara, a cire ta a sa sabuwa. Tun yau ka tambayi edita ko ya ajiye kiɗa daban da muryoyin 'yan wasa. In ya ajiye, canjin aikin yini ne. In kuwa a wurin ɗauka aka kunna waƙar ta shiga makirfo tare da magana, sai 'yan wasa sun dawo situdiyo sun sake ɗora murya, kuma wannan kuɗin ya kamata ka sa a ma'auni kafin ka ce farashin magada ya yi tsada.