Zan iya sa na'urar PWM ta sola a fankar sama ta wutar NEPA?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon ɗinki, ina da sola da batir mai bolt 12. Na sayi wata 'yar na'ura mai abin murɗawa an rubuta PWM a jikinta, na sa wa fitilar LED mai tsayi irin ta igiya, wallahi tana rage haske yadda nake so. Yanzu so nake in ƙaro biyu, ɗaya a fankar tebur ta sola, ɗaya kuma a fankar sama da ƙwan ɗaki masu cin wutar NEPA, tunda ragiletar fankar ta lalace. Mai kayan ya ce duk za ta yi. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ta fankar sola ka saya in fankar ta cika sharaɗin da zan faɗa, amma ta wutar NEPA don Allah kada ka kuskura, ko da mai kayan ya rantse maka.

Abin da na'urar nan take yi ba rage bolt ba ne kamar yadda mutane ke ɗauka. Makunni ne kawai a cikinta, wanda ake kira mosfet, yana kunnawa yana kashewa da saurin da ido ba ya iya bi, abin murɗawar nan kuma shi ke tsara tsawon lokacin da zai zauna a kunne a kowane zagaye. Mu ɗauki fitilarka, a ce tana jan am 2 a bolt 12, wato wat 24. A ce na'urar tana yin zagaye 1000 a daƙiƙa ɗaya kuma ka murɗa zuwa kashi 30 cikin 100, to a kowane zagaye fitilar tana samun cikakken bolt 12 na kashi 30 na lokacin, sauran kashi 70 a kashe take ɗungurungum. Idonka ne yake haɗa su ya ga haske mai laushi. Lissafin batir kuwa ga shi:

```
2 A × 0.30 = 0.6 A
12 V × 0.6 A = 7.2 W
```

Ka ga daga wat 24 ka dawo kusan wat 7, kuma wutar da ka rage tana nan cikin batirinka, ba ta tafi a zafi ba, domin mosfet in yana kunne kusan ba ya tare komai, in yana kashe kuma ba abin da ke wucewa. Shi ya sa za ka taɓa na'urar ka ji ɗumi kaɗan kawai. Abu ɗaya dai da zan ce ka duba tunda ɗinki kake yi kana ƙura wa allura ido: ka ɗauki bidiyon fitilar da wayarka bayan ka rage ta, in ka ga layuka baƙaƙe suna yawo sosai a hoton to saurin zagayen ya yi ƙasa, irin wannan yana gajiyar da ido har wasu su yi ciwon kai, gara ka bar ta a cikakken haske lokacin aiki.

Fankar sola kuma iri biyu ce. Akwai mai injin burushi, wayoyi biyu ne kawai suke shiga injin, wannan tana karɓar PWM lafiya lau. Akwai kuma marar burushi wadda take da allon lantarki a cikinta, yawanci za ka gan ta da rimot ko maɓallan taɓawa, ita wannan in kana datse mata wuta sau dubu a daƙiƙa allon nata ne yake rikicewa, sai ta riƙa fizga ko ta ƙi tashi, kuma ma tana da nata hanyar rage gudu, ba ta buƙatar taka. In mai burushi ce, sayi na'urar da am ɗinta ya ninka na fankar aƙalla sau biyu saboda lokacin tashi tana jan wuta fiye da wanda aka rubuta, ka kuma sa fiyus kusa da batir. Kullum ka tashe ta da ƙarfi sannan ka rage, in ka bar ta can ƙasa tana gurnani ba ta juyawa to kwayil ne yake dahuwa. In kuma ka ji wani siririn fito daga injin, saurin zagayen ne ya faɗo cikin abin da kunne ke ji, nemi wadda aka rubuta 20kHz ko sama.

To yanzu wutar NEPA. Juya na'urar taka ka karanta, za ka ga an rubuta DC da iyakar bolt ɗinta. Mosfet ɗin da ake yawan sawa a irin waɗannan, kamar IRFZ44N, iyakarsa bolt 55 ne. Wutar gida kuwa da muke cewa 230, ƙololuwarta tana kaiwa wajen bolt 325 a kowane zagaye, kuma ba hanya ɗaya take bi ba, tana juyawa gaba da baya sau 50 a daƙiƙa, shi kuma mosfet guda ɗaya gefe ɗaya kaɗai yake iya tarewa, in wutar ta juyo sai ta bi ta dayod ɗin da ke cikinsa ta wuce. Kana jonawa zai ƙone, kuma sau da yawa in ya ƙone haɗewa yake yi, wuta ta riƙa wucewa kai tsaye. Abin da ya fi damuna ma shi ne allon ba a yi shi da kariyar babbar wuta ba, ƙarfen abin murɗawar da kake kamawa da hannu zai iya ɗaukar wuta. Haka nan in inbata ce take ba ka 230, hukuncin ɗaya ne.

Ko da an samu makunnin da ya jure, fankar sama injinta daban ne, yana bin juyawar wutar ne tare da kafasito. Don ita ragileta za ka saya. Mai tsalle-tsalle daga 1 zuwa 5 wadda ke aiki da kafasito ita nake ba da shawara, ba ta zafi sosai kuma fanka ba ta kuka. Mai murɗawa sumul ɗin nan tirayak ne a ciki, yana yanke wani ɓangare na kowane rabin zagayen wutar, sau 100 a daƙiƙa, tana aiki amma a ƙaramin gudu za ka ji fankar tana "zzzz" musamman da dare.

Ƙwan ɗaki kuwa, in tsohon ƙwai ne mai zare a ciki, dima ta tirayak, wato na'urar rage hasken ƙwai, tana rage shi ba matsala. Ƙwan LED na yanzu yana da ɗan allo a gindinsa wanda aikinsa shi ne riƙe haske daidai ko wuta ta yi ƙasa, to kai kana ragewa shi yana ƙoƙarin cikewa, daga nan sai ƙyaftawa da ƙara, ƙarshe ya mutu da wuri. Sai in an rubuta "dimmable" a kwalinsa, sannan dimar ma ta zama wadda aka yi don LED. In ba ka samu ba, ka sa ƙwai biyu, babba da ƙarami, kowanne da makunninsa, ya fi araha.

Kada kuma wani ya ce ka sa dima a firji ko injin jan ruwa wai don rage cin wuta, waɗannan in wuta ta yi musu kaɗan kasa tashi suke yi su tsaya suna jan am mai yawa har kwayil ya ƙone. Keken ɗinkinka ma ka bar shi da fedarsa. Sauya ragiletar fankar kuwa, kashe babban makunni tukuna, in ba ka saba ba ka kira mai gyaran wuta ya ɗaura maka.