An ce in kashe riga-kafin kwamfutata kafin in sa manhaja

Tambaya ta farko: "Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu da katin gayyata a Zariya. Na sauko da CorelDRAW na kirak, wato wanda aka fasa don ya yi aiki ba lasisi, daga wani adireshi da na gani a ƙarƙashin bidiyon YouTube. Ya zo a zif mai nauyin MB 9, an kulle shi da fasawod, a ciki kuma akwai Setup.exe mai MB 780. An rubuta cewa in kashe Windows Defender kafin in danna. Abokina ya ce duk kirak haka yake, riga-kafi ƙarya yake masa. Ban danna ba tukuna. In danna?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka danna. Allah ne ya taimake ka da ka tsaya tambaya, domin alamomin da ke jikin wannan fayil sun ishe ni hukunci tun kafin a kai shi wajen bincike.

Fara da nauyin. Manhaja ta gaske ba ta matsuwa haka. Abin da ya kumbura ya ninka kansa sama da sau 80 bayan an kwance shi, yawancin cikinsa fanko ne, wato sifirori da aka jera don su ƙara masa nauyi, shi ya sa suka matsu suka koma kamar babu. Ainihin abin da ke ciki ɗan ƙarami ne. Dalilin cusa masa wannan auduga shi ne shafin VirusTotal, inda mutane ke kai fayil a duba, ba ya karɓar abin da ya wuce MB 650, wasu manhajojin riga-kafi kuma sukan tsallake manyan fayiloli don kada kwamfuta ta yi nauyi. Kullen fasawod ma aikinsa ke nan. Fasawod ɗin da aka rubuta a fili kowa na gani ba ya tsare sirrin kowa; abin da yake hanawa shi ne burauza da riga-kafi su leƙa cikin zif ɗin a lokacin da yake saukowa.

Maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Gaskiya ne riga-kafi kan yi kuka a kan kirak ko da babu ɓarawo a cikinsa, yana kiransa da suna irin HackTool:Win32/Keygen ko HackTool:Win32/AutoKMS. Masu damfara sun san an saba da wannan kukan, sai suka laɓe a bayansa. Idan ka kashe mai gadi saboda yana yawan ihu, ranar da ɓarawon gaske ya shigo babu wanda zai tashe ka, kuma da hannunka ka buɗe ƙofa lokacin da Windows ta tambaye ka izinin shugaba ka danna Yes.

Abin da aka fi ɗaurawa a irin wannan kaya yanzu shi ne manhajar satar bayanai, irin su Lumma da RedLine da Vidar. Ba sa lalata komai a idonka. Cikin ɗan lokaci kaɗan sukan kwashe duk fasawod da burauza ta adana, da kukis ɗin da ke nuna cewa ka riga ka shiga Gmail ko Facebook, su aika. Da waɗannan kukis ana iya shiga asusunka ba tare da an nemi lambar nan da ake turo maka a waya ba. A watan Mayun 2025 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa ya gano kwamfutoci sama da 394,000 da Lumma ta kama cikin wata biyu kacal. Akwai kuma STOP/Djvu, wadda ta daɗe tana bin kirak: takan kulle fayiloli, ta bar wasiƙa mai suna _readme.txt wadda a shekarun baya ta riƙa neman dala 980, ko 490 idan an biya cikin awa 72. Ka tuna cewa a kwamfutar shago ba kayanka kaɗai ba ne. Akwai fasfo da takardun makaranta da kundin ɗalibai da mutane suka ba ka amana, akwai kuma waɗanda suka zauna suka buɗe imel ɗinsu a kanta.

Ga yadda ake duba fayil ba tare da an kunna shi ba, domin gobe ma za ka sauko da wani abu. Ka bar Defender a kunne, ka sabunta shi. A cikin File Explorer ka kunna File name extensions, don abin da ke kiran kansa takarda.pdf ya fito da cikakken sunansa idan takarda.pdf.exe ne. Kwance zif ba daidai yake da kunna abin da ke ciki ba, amma ka tabbata WinRAR ko 7-Zip ɗinka sabo ne. Tsofaffin WinRAR da suka gabaci 6.23 suna da wata ɓaraka da aka toshe a 2023, wadda ke sa danna fayil a cikin zif ya tayar da wani abu dabam. Sai ka danna ɓangaren dama na linzami a kan fayil ɗin ka zaɓi Scan with Microsoft Defender. A Windows 11 yana ƙarƙashin Show more options.

Bayan haka sai VirusTotal, inda injunan riga-kafi kusan 70 ke duba abu ɗaya. Ba lallai ka ƙona datarka wajen ɗora fayil ba. Kowane fayil yana da tambarin yatsa, jerin haruffa da lambobi 64, wanda kan canza gaba ɗaya ko da ɗigo ɗaya aka taɓa a cikinsa. Ka buɗe PowerShell a cikin foldar da fayil ɗin yake ka rubuta:

```
Get-FileHash .\Setup.exe -Algorithm SHA256
```

Ka kwafi abin da ya fito ka liƙa a wurin Search na shafin. Idan wani ya taɓa kai fayil ɗin, sakamakon zai fito nan take.

Karanta sakamakon shi ne inda ake buƙatar natsuwa. Kada ka tsaya a kan adadi kawai, ka karanta sunayen. Injuna biyu ko uku da ba a san su sosai ba suna cewa Generic a kan manhajar da ka ɗauko daga shafin kamfaninta, wannan sau da yawa kuskure ne. Amma ko kaɗan ne suka ce Stealer, Ransom, Loader ko CoinMiner, magana ta ƙare. Ka kuma shiga Details ka duba First Submission. Fayil ɗin da ke iƙirarin shi sananniyar manhaja ce amma jiya aka fara ganinsa a duniya abin tuhuma ne, domin masu wannan sana'a kan sake masa kama kullum don injuna su kasa gane shi. Saboda haka sifiri cikin 70 a kan sabon fayil yana nufin ba a kama shi ba tukuna, ba wai an wanke shi ba. Naka kuwa na fi zaton shafin zai ce bai taɓa ganinsa ba, kuma ba zai ɗoru ba saboda nauyi, wanda shi ne abin da mai shi ya shirya tun farko. Wani abu da ya kamata mai shago ya riƙe: abin da aka ɗora a VirusTotal masu bincike da ke biyan kuɗi suna iya sauke shi, don haka kada ka taɓa ɗora takardar kwastoma.

Gwaji na ƙarshe ya fi sauran sauƙi. Ka shiga Properties na fayil ɗin ka nemi Digital Signatures. Manhajar kamfani takan zo da sa hannun kamfanin, Windows kuma ta tabbatar ba a taɓa ta ba. Kirak ba zai iya cin wannan jarrabawa ba, domin fasa shi da aka yi shi ne ya karya hatimin. Wannan ne ya sa ba ni da hanyar da zan ce maka ga kirak mai tsabta. Bincike yana iya nuna maka cewa abu mugu ne, amma ba ya iya rantse maka cewa lafiya yake. Ko Windows Sandbox, keɓantaccen wurin gwada manhaja wanda ke cikin Windows Pro ba Home ba, bai isa shaida ba, domin wasu miyagun manhajoji sukan gane ana gwada su sai su kwanta luf.

Na san kuɗin lasisi da dala ake lissafa shi, kuma na san abin da katin biki ke kawowa. Shawarata ka goge fayil ɗin, ka sauko da manhajar zane ta Inkscape daga inkscape.org. Kyauta ne na halal, yana buɗe fayilolin .cdr da yawa ko da yake wani lokaci rubutu kan goce, kuma yana fitar da PDF da masu injin bugawa ke karɓa. Ka ba shi mako biyu a kan ƙananan ayyuka. In aikinka ya girma har ya zama sai Corel, ka saye shi daga kamfanin ka sa kuɗin a lissafin shago kamar tawada.

Ga wanda ya riga ya danna kuwa: ya cire kwamfutar daga intanet, ya ɗauki waya ya canza fasawod, imel da farko sannan banki da sauran, ya kuma zaɓi fita daga duk na'urori don kukis ɗin da aka sace su mutu. Daga nan ya kwashe takardu da hotuna kaɗai, ya sake sa Windows daga tushe. Goge bairos ba ya dawo da abin da ya riga ya fita.

Tambaya ta biyu: "Ƙanwata ta turo min GBWhatsApp ta Xender, ta ce ana ganin saƙon da aka goge. Ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp. Akwai matsala?"

Akwai, Hajiya, kuma kasuwarki ce a kan gaba. Kamfanin WhatsApp ya bayyana cewa yana dakatar da lambobin da ke amfani da irin waɗannan WhatsApp ɗin da wasu suka gyara, ke kuma lambarki ita ce shagonki. Bayan haka, wanda ya gyara manhajar ya cire sa hannun kamfanin ya sa nasa, don haka duk saƙonninki da rasitan kwastomomi suna iya faɗawa hannun mutumin da ba ki sani ba. A 2021 masu bincike na Kaspersky sun sami bairos ɗin Triada a cikin FMWhatsApp, a 2022 kuma a cikin YoWhatsApp, waɗanda duk irin GBWhatsApp ne; yana iya sa mutum cikin rajistar da ke cinye masa kuɗin waya, ko ya sace asusun. Ƙanwarki ba ta nufe ki da sharri ba, amma ita ma ba ta san hannu nawa fayil ɗin ya ratsa ba kafin ya iso gare ta.

Ki goge shi, ki sauko da WhatsApp Business daga Play Store, ki kunna Two-step verification. Ki shiga Play Store ki taɓa hotonki, ki zaɓi Play Protect ki danna Scan. Idan kin riga kin sa shi, ki fara rubuta bashin da kike bi da odar da ba ki kai ba a littafi kafin ki cire, domin tsofaffin hirarraki ba lallai su biyo ki zuwa na asalin ba.