Jini a Gaban Ƙwayar Ido Bayan Bugu: Amsoshin Likita ga Masu Karatu daga Zamfara

Likita, jiya wani yaro ya harbi ɗana ɗan shekara 9 da danƙo a ido. Idon bai fashe ba, amma ina hango jini kwance a ƙasan baƙin idon. Ya ce zafin ya ragu. In bari ya washe da kansa? (Wata uwa, Ƙaura Namoda)

Hajiya, kada ki bari, ki kai shi wurin likitan ido yau. Daga Ƙaura zuwa Gusau ba nisa, kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke can tana da sashen ido.

Bari in bayyana miki abin da kike gani. A can gaban ido akwai wata fata mai haske garau, a bayanta kuma akwai faifan nan mai ruwan ƙasa da muke kira baƙin ido, mai ƙofa a tsakiya. Tsakaninsu akwai ɗan fili cike da ruwa fari tas. Idan dutse ko ƙwallo ko dunƙulen hannu ya daki ido, ƙwayar takan lotsa ta baje cikin ƙiftawa ɗaya, sai ƙananan jijiyoyin jini da ke gindin faifan su tsinke, jini ya zubo cikin wannan fili. Likitoci na kiran wannan haifima. In yaro ya zauna tsaye na ɗan lokaci, jinin yakan kwanta ƙasa ya yi layi miƙaƙƙe, kamar yadda gasara ke kwantawa a gindin roba. Da tsayin jinin da ya kwanta muke auna girman matsalar: ko bai kai kashi ɗaya cikin uku na filin ba, ko ya kai rabi, ko ya wuce rabi, ko kuma ya cika shi fal har ba a ganin baƙin idon.

Yawancin ƙananan irin wannan sukan tsotse cikin mako guda. To me ya sa nake gaggauta ki? Saboda jijiyar da ta tsinke, gudan jini ne ya toshe ta a yanzu. Tsakanin kwana na 2 da na 5 wannan gudan yakan fara narkewa yana janyewa, kuma a lokacin ne jinin ke iya sake ɓallewa. Zuba na biyu yakan fi na farko yawa da ɓarna. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, daidai wannan lokaci ne yaro ke jin sauƙi, ya fita langa ko ƙwallo, iyaye kuma sun saki jiki.

In kun isa, ga abin da za ki ga ana yi masa. Da farko a sa shi karanta allon haruffa da kowane ido daban, don a san inda ganinsa ya tsaya. Sannan likita ya tabbatar ƙwayar ba ta tsage ba: zai duba ko ƙofar tsakiyar ta zama mai tsini ta karkata gefe, ko filin gaban ya shafe, ko wani baƙin abu ya leƙo ta farin ido. In akwai alamar tsagewa, ba a ƙara taɓa idon, sai shirin tiyata. In babu, sai a zaunar da shi gaban na'urar nan mai siririn haske a duba tsayin jinin, a ga ko faifan ya yage daga gindinsa, ko madubin cikin ido ya goce daga mazauninsa. Daga nan a auna ƙarfin ruwan ido, wanda a lafiyayyen ido yake tsakanin 10 da 21. Za a leƙa bayan ido, in jini ya tare hanya a yi hoton na'ura mai amfani da sauti. Za a kuma sa shi bin yatsa da ido sama da ƙasa, a tambaye shi ko yana ganin abu biyu-biyu ko kuncinsa ya mutu, domin bugu mai ƙarfi yakan fasa siririn ƙashin da ke ƙarƙashin ido. In ana zargin haka, kada ya fyace hanci.

Kafin ku isa, kada a murza idon, kada a ɗaure shi da tsumma tamau. Ki yanke gindin kofin roba mai tsafta ki kifa a kan idon ki manne da filasta, yadda bakinsa zai zauna a kan ƙashi bai taɓa ƙwayar ba. Kada a ɗiga nonon mai shayarwa, ko ruwan sukari, ko ruwan albasa, ko a sa kwalli. Jinin yana cikin ƙwayar, babu abin da za a ɗiga a waje ya wanke shi, sai dai a jawo wa idon ƙwayoyin cuta. Maganin zafi kuwa farasitamol kaɗai. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak da danginsu da ake sayarwa a kemis don ciwon jiki suna hana jini daskarewa da kyau, suna iya jawo zuba na biyu.

A gida bayan an gan shi, ya kwanta da matashi biyu ko uku, kai a ɗage kamar digiri 30 zuwa 45, don jinin ya taru ƙasa ya bar tsakiya. Ba gudu, ba tsalle, ba ɗaukar jarka, ba sunkuyo, har aƙalla mako guda. Ga manya nakan ce su yi salla a zaune da nuni a waɗannan kwanaki, wannan sauƙi ne da addini ya ba mara lafiya. Maganin ɗigawa da aka fi bayarwa biyu ne: atirofin, mai buɗe ƙofar ido ya hana faifan motsi, da mai kashe kumburi. Atirofin zai sa ya kasa ganin abu na kusa, haske kuma ya dame shi, wannan ba lalacewa ba ce. Abin da zai sa ki koma cikin dare ba jiran safiya: sabon ciwo mai tsanani, ciwon kai da amai, gani ya ƙara dushewa, ko layin jinin ya hau, ko jini ja sabo ya bayyana a kan tsohon.

Robar ɗaure kaya ta babur ce ta tsinke ta tsula wa ƙanena a ido. Jinin kaɗan ne, amma likita ya sa a yi masa gwajin sikila, aka ce AS ne, ya ce ƙarfin idon 32, ya kwantar da shi. Ƙanena bai taɓa ciwon sikila ba. Ba neman kuɗi ba ne kuwa? (Wani ɗan kasuwa, Gusau)

Malam, wannan likita ya san aikinsa, ka riƙe shi da kyau. Da ni ne, abin da zan yi ke nan.

Ruwan da ke filin gaban ido kullum ana ƙera sabo, tsohon yana fita ta wata matata mai ƙananan ƙofofi da ke zagaye a kusurwar filin. Ta nan ƙwayoyin jinin da suka zuba za su bi su fita. Lafiyayyar ƙwayar jini tana da laushi, takan lanƙwashe ta wuce. Mai AS a rayuwarsa ta yau da kullum ba ya jin komai, gaskiyarka. Amma cikin wannan fili iskar da jini ke buƙata ba ta da yawa, sai ƙwayoyinsa su ƙage su yi lauje, su maƙale a matatar. Ruwa na shigowa, ba ya fita, ƙarfin ido ya hau. Shi ya sa ɗan jinin da a wani ba zai yi komai ba, a mai AS ko SS yana iya kai ƙarfin sama da 30. Ƙari a kan haka, jijiyar gani ta mai sikila ba ta jure matsi kamar ta sauran mutane, domin jinin da ke ciyar da ita ma yana iya tsayawa. Jijiyar gani kuwa in ta mutu ba ta dawowa.

Dubi bambancin a lissafi. Ga wanda jininsa AA ne, 32 abu ne da za a ba shi maganin ɗigawa irin timolol a sa masa ido. Ba a cika maganar wanke filin da tiyata ba sai ƙarfin ya tsaya wajen 50 har kwana 5, ko wajen 35 har mako guda. Ga ƙanenka, ƙa'idar da likitocin ido da yawa ke bi ita ce, in ya wuce 24 ya ƙi sauka cikin awa 24 duk da magani, a shiga a wanke. Don haka dole a auna shi safe da yamma, abin da ba zai yiwu ba in yana gida. Sannan sakamakon gwajin yana canza maganin kansa. Akwai ƙwaya mai suna asetazolamaid da ake sauke ƙarfin ido da ita, amma tana ƙara tsamin ruwan ido da na jini, wanda ke ƙara sa ƙwayoyin yin lauje, don haka ana kauce mata ga mai sikila. Da ba a yi gwajin ba, ana iya ba shi abin da zai ƙara toshe matatar.

Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, da yawa ba su sani ba. A ganina duk wanda ya zo da irin wannan rauni a ƙasarmu bai san ko jininsa AA ne ko AS ko SS ba, a gwada shi ranar farko, komai ƙanƙantar jinin.

Ƙwallo ta same ni, farin idona ya yi ja wur gefe guda, amma ina gani lafiya, ba ciwo. Shi ne abin da ake kwantar da mutane a kai? (Wani ɗalibi, Tsafe)

Da alama a'a. Naka jini ne a ƙarƙashin siririyar fatar da ta rufe farin ido, a wajen ƙwayar. Yana da ban tsoro a madubi, amma yakan koma ruwan ɗorawa ya ɓace cikin mako biyu zuwa uku. Rufe lafiyayyen idon ka karanta rubutu da mai raunin. In akwai hazo, ko haske na damunka, ko jan ya zagaye baƙin idon ya kumbura, je a duba, don wani jinin na ciki ba ya kai ya yi layi, na'ura ce kaɗai ke ganinsa yana yawo cikin ruwan.

Wata biyu ke nan da jinin idona ya washe, ina gani garau. An ce in koma, har ma in riƙa zuwa duk shekara. Hanya ba daɗi, dole ne? (Wani manomi, Talata Mafara)

Baba, na san halin da hanya take ciki, ba kuma zan raina wannan uzuri ba. Amma zuwan farko kada ka bar shi. Akwai gwajin da ba a iya yi lokacin da raunin yake ɗanye, don yana buƙatar ɗora ɗan madubi a kan ƙwayar, kuma dannawa na iya tayar da jini. Sai bayan kamar mako 4 zuwa 6 ake yinsa. Da shi ake ganin ko bugun ya tsaga kusurwar da matatar take. In tsagar ta ci fiye da rabin zagayen, matatar na iya yin tabo a hankali, ƙarfin ido ya hau bayan shekaru, wato hawan jinin ido. Irin wannan ba ya ciwo, gefen gani yake fara ci, tsakiya na nan garau har sai abu ya yi nisa. A zuwan nan kuma za a buɗe ƙofar ido da magani a duba gefunan bayan ido ko akwai yagewa, a ga ko yanar ido ta fara fitowa, don bugu na kawo ta da wuri.

In aka tarar kusurwar lafiya take, likitanka zai iya sassauta maka zirga-zirgar. In ta tsage, awon shekara-shekara ya zama dole, kuma ba sai a Gusau ba: duk asibitin da ke da na'urar auna ƙarfin ido ya isa, a Sakkwato ne ko inda tafiya ta kai ka. Ka roƙi a rubuta maka a kati wane ido ne, da ranar raunin, da lambar da aka samu kowane zuwa. In kuwa ka fara ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa suna yawo, ko duhu ya rufo daga gefe guda, wannan ba na jiran shekara ba ne, ka nemi likitan ido cikin kwana ɗaya.